Buhun fulawata yana tsalle kamar balan-balan: ina nauyin ya tafi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga Marwa nake, ina koyon zanen motsi a manhajar Krita. An ce in gwada buhun fulawa yana tsalle. Na yi, amma abin kamar balan-balan, ba nauyi ko kaɗan. Sai na ƙara masa zane a sama don ya yi jinkiri, wai ko zai yi nauyi, sai ma ya koma kamar yana iyo a ruwa. Na lotsa shi, na miƙar da shi, duk a banza. Ina matsalar take?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Zanen da ka ƙara a sama, cire su. A nan ka fara ɓata hanya, kuma kusan kowa ta nan yake ɓata ta, har da ni a farkon aikina.

Abu mai nauyi ba ya saukowa a hankali. Ka saki buhu mai kilo 50 da dutse ɗan ƙarami daga bayan mota ɗaya, tare za su taɓa ƙasa. Abin da yake saukowa sannu-sannu shi ne abin da iska take iya riƙewa, irin su leda da gashin kaza da balan-balan. To idon mai kallo ya san haka tun yana yaro, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Da ka tsawaita zaman buhunka a sama, ka faɗa wa idonsa cewa wannan abu sakayau yake. Nauyi a ƙasa ake nuna shi: irin wahalar da buhun ya sha kafin ya rabu da ƙasa, da irin yadda ƙasa ta karɓe shi da ya dawo. Lokacin da yake sama kuwa lissafi ne kawai, ba ka da ikon taɓa shi sosai.

Bari mu fara gama da lissafin nan tunda shi ne mai sauƙi. A fim ana nuna hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto shi ake kira firam. Abin da aka saki yana faɗuwa wajen santimita 30 a cikin firam 6, wajen mita ɗaya da santimita 20 a cikin firam 12. Mu ɗauka buhunka idan ya tsaya tsayinsa santimita 60 ne, a allonka kuma fiksil 300, wato 'yan ɗigogin da suke haɗa hoto a allo. Idan zai yi tsallen rabin tsayinsa, wato fiksil 150, to firam 6 zai yi yana hawa, firam 6 yana sauka. Rabin daƙiƙa ke nan gaba ɗaya. Kana iya ƙara firam ɗaya ko biyu a ƙololuwa don ido ya huta, katun ne ai, amma da ka kai firam 20 a tsalle irin wannan, ka shiga ruwa.

Tazarar da ke tsakanin zanen ma ba ɗaya ba ce. Daga ƙololuwa zuwa ƙasa tana ƙaruwa kamar ɗaya, uku, biyar, bakwai, ƙa'idar da Galileo ya gano tun ƙarni huɗu da suka wuce. Idan kana zane ɗaya a kowane firam biyu, zane uku ke gare ka a saukowa: na farko ya sauko fiksil 17, na biyu ya ƙara 50, na uku ya ƙara 83. Haɗa su, 150 ne. A hawa sai ka juya lissafin. Kuma abin da kake aunawa ba kan buhun ba ne, ba gindinsa ba, tsakiyar nauyinsa ne. Buhun da ba a cika ba, fulawar tana ƙasa, saboda haka ka ɗiga jan ɗigo a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa daga gindi, a wani shafi daban, ka fara motsa ɗigon shi kaɗai. In ɗigon bai yi tsalle mai kyau ba, duk kyan zanen da za ka lulluɓa masa ba zai gyara shi ba.

Yanzu sai ainihin aikin.

Kafin ka sake taɓa alƙalami, ka je bakin kasuwa ko bayan wani gidan burodi da safe lokacin da ake sauke kaya. Ni a Garwa nake, kuma na fi koyon wannan abu a wurin 'yan dako fiye da yadda na koya a gaban kwamfuta. Ka dubi mai dako zai ɗaga buhu daga ƙasa zuwa ka. Ba ya wuf ya ɗauka. Yana gyara tsayuwa, ya buɗa ƙafa, ya kama kunnuwan buhun, ya ɗan jijjiga shi ya ji nauyinsa, ya durƙusa, ya yi shiru na ɗan lokaci yana tara numfashi, sannan ya yunƙura. Ɗagawar kanta ƙiftawar ido ce. Shirin ne yake cin lokaci. In ka ga mutum ya sunkuya ya ɗauki buhu ba tare da wannan shiri ba, ko daga nesa ka san buhun auduga ne ko na ledoji. Sannan ka dubi yadda yake jefar da shi. Buhun fulawa ya sauka tim, ya baje, ya zauna. Ba ya sake tashi ko da tsawon yatsa. Gari yana shanye bugun gaba ɗaya, ƙwayoyinsa suna gogar juna suna zamewa gefe, ba kamar ƙwallo ba da iskar cikinta take mayar da bugun.

Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau, domin shi ne bambancin darasin ƙwallo da darasin buhu. Ƙwallo ƙasa ce take cilla ta sama. Buhu kuwa babu mai cilla shi. Duk tsallen da ya yi, shi ya ga dama ya yi, da ƙarfinsa, kuma dole mu ga ƙarfin. Daga nan rai yake shigowa. Shi ya sa tun zamanin da masu zanen kamfanin Disney suke horar da sababbi ake amfani da buhun da aka cika rabi: ba ido, ba baki, ba hannu, sai jiki da kunnuwa huɗu. Frank Thomas da Ollie Johnston sun sa hotonsa a littafinsu na 1981, inda suka jera ƙa'idoji goma sha biyu na zanen motsi. Wanda ya iya sa wannan buhu ya yi tunani, zai iya sa kowane jiki.

In ka ɗauki bidiyon mai dakon da waya (da izininsa, ka kuma ba shi na goro), ka tuna yawancin wayoyi firam 30 suke ɗauka a daƙiƙa. Abin da ka ƙirga a bidiyon ka ninka shi da 0.8 ya koma lissafin 24. Firam 15 a waya, 12 ke nan a wurinka.

Ga tsalle ɗaya, zan bi da kai daga farko har ƙarshe. Lambobin nan nawa ne, irin waɗanda nake fara gwaji da su, kana iya ƙarawa ko ragewa bayan ka kalla.

Daga firam 1 zuwa 8 buhun yana tsaye. Kada ka tsayar da shi cak kamar tulu. Buhu mai nauyi ko a tsaye a lotse yake: gindinsa ya baje, cikinsa ya fito gaba kaɗan, layin da ya taɓa ƙasa shimfiɗaɗɗe ne, ba mai lanƙwasa ba. A cikin firam ɗin nan saman buhun, wanda shi ne kansa, yana juyawa ya kalli inda zai dira. Wannan ɗan juyin kan ya fi duk abin da zai biyo baya muhimmanci wajen ba shi rai, domin mai rai yana dubawa kafin ya motsa. Dutse ne yake motsi ba tare da ya duba ba.

Daga 9 zuwa 12 yana ɗan ɗagowa sama, kamar fiksil 10 ko 15, irin jan numfashin nan. Wasu suna tsallake wannan, kuma ba laifi, amma ni ina sonsa don yana sanar da cewa durƙuso na zuwa.

Daga 13 zuwa 24 shi ne yunƙurin. Bahaushe ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, to a zanen motsi wannan magana doka ce: wanda zai tashi sama sai ya fara yin ƙasa, wanda zai yi gaba sai ya fara yin baya. Buhun yana nutsewa, kansa yana sunkuyawa cikin cikinsa, fatarsa tana tattarewa a tsakiya, kunnuwan sama suna biyo shi ƙasa a makare. Firam takwas na farko yana sauka, da sauri a tsakiya, a hankali a ƙarshe. Firam huɗu na ƙarshe, 21 zuwa 24, yana can ƙasa, kusan a tsaye, yana ƙara nutsewa da fiksil biyu ko uku kacal. Wannan ɗan jinkirin shi ne shirun mai dako. Idan kana son ƙarin nauyi, nan za ka ƙara firam, ba a sama ba. Ka mai da huɗun nan takwas ka ga yadda buhun zai koma kamar na siminti. Ka mai da dukan yunƙurin firam huɗu ka ga ya koma ƙullin gyaɗa. Tsayin tsallen bai canja ba, zanen sama bai canja ba, amma nauyi ya canja.

Akwai wata dangantaka da ido yake aunawa: girman yunƙuri da girman sakamako. Yunƙuri babba da tsalle ɗan ƙarami, nauyi ke nan. Yunƙuri ɗan ƙarami da tsalle babba, rashin nauyi ke nan. Ina zargin buhunka yana tashi sama da tsayinsa biyu bayan durƙuson firam uku. In haka ne, rage tsallen ka ƙara durƙuson, rabin ciwon ya warke.

Daga 25 zuwa 28 shi ne turawa, kuma a nan ka yi zane a kowane firam, domin motsin yana da sauri. Abin lura: har zuwa firam 28 kunnuwan ƙasa, wato ƙafafunsa, suna manne da ƙasa. Kai ne yake fara tashi, ya ja fatar buhun ta miƙe, fulawar kuma tana nan ƙasa ba ta so ta tashi. Saboda haka surar ba ta zama doguwar ƙwai mai daidaito ba. Tana zama kamar gora: wuya siriri, gindi mai nauyi. A firam 28 ya kai iyakar miƙewarsa, sai a 29 ƙafa ta bar ƙasa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗaga buhun daga ƙasa tun yana lotse, sannan a miƙar da shi a iska. In ka yi haka babu abin da ya tura. Kamar an ɗaure masa zare an fizge.

Daga 29 zuwa 34 yana hawa, 34 ƙololuwa, 35 zuwa 40 yana sauka, bisa lissafin ɗigon da ka riga ka yi. Yayin da yake kusantar ƙololuwa fulawar tana kamo fatar, miƙewar tana saki, kumburin cikin yana ɗan hawowa tsakiya, ƙafafu suna naɗowa ciki. A 34 ya fi kowane lokaci kama da dunƙule. A saukowa abin yana juyawa: gindi ne a gaba, fata da kunnuwan sama suna binsa a baya, a miƙe sama.

Firam 40 shi ne taɓa ƙasa, kuma a wannan firam ɗin buhun a miƙe yake, ƙafa kawai ta taɓa. Kada ka tsallake shi ka tafi kai tsaye daga iska zuwa lotsewa. Ido yana bukatar ya ga doguwar sura dab da gajeriyar sura, wannan bambancin ne yake ji a matsayin bugu. Daga 41 zuwa 43 sai ya rushe, nan ma zane a kowane firam. A 43 ya kai iyakar lotsewa.

Abin da zai biyo baya shi ne wurin da buhunka ya zama balan-balan. Ƙwallo tana lotsewa firam ɗaya ko biyu ta tashi. Buhu yana zama a wurin. Daga 43 zuwa 48 ka bar shi a baje, gefensa yana ƙara zamewa waje kaɗan-kaɗan, kansa yana ci gaba da faɗowa gaba bayan gindi ya riga ya tsaya, kunnuwan sama kuma su ne na ƙarshe, suna faɗowa yaraf firam biyu ko uku bayan kan. Sai daga 49 zuwa 60 ya tattara kansa ya miƙe, a hankali, kamar dattijon da ya tashi daga tabarma. Ya ɗan wuce tsayinsa na asali da fiksil kaɗan, ya dawo ya zauna a wajen 68. Sau ɗaya tak. In ya yi ta rawa sama da ƙasa sau uku, ya zama roba ko tuwon da bai daskare ba.

Ka ƙirga yanzu. Firam 68, goma sha biyu ne kawai a iska. Sauran duka a ƙasa suke. Ka buɗe naka ka ƙirga, na tabbata rabon ya juye.

To nawa za a lotsa shi, nawa za a miƙar? A nan ƙa'idar ita ce yawan fulawar ba ya canjawa. Abin da ka rage a tsayi sai ya fito a faɗi. Amma akwai wani tarko. Buhunka tsayi 300, faɗi 200. Ka lotsa shi zuwa 210, wato kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya yi lissafin shimfiɗaɗɗen zane zai ce faɗi ya zama 286. Sai dai buhu yana da kauri, fulawar tana bajewa gaba da baya ma, ba hagu da dama kaɗai ba. Lissafin abu mai kauri shi ne:

```
faɗi = 200 / sqrt(0.7) = 239
```

Wato wajen 240. Ni nakan tsaya tsakanin 240 da 260, kuma faɗin a gindi nake sa shi, ba a ko'ina daidai ba. In ka kai 286 sai a ga kamar an ƙara masa gari a asirce. A miƙewa kuma ba na wuce 350, faɗi ya koma wajen 185. Dalili kuwa fatar buhu ba ta talewa. Miƙewar da kake gani rarar fatar ce da take a tattare ta warware. Buhu ba zai taɓa fin tsayin da yake da shi lokacin da yake fanko a shimfiɗe ba. Shi ya sa ake cika shi rabi: cikakken buhu ba shi da rarar da zai yi wasa da ita, sandararre ne kamar kututture.

Saboda wannan ne ma nake hana ɗalibaina lotsa buhu da kayan ja da matsewa na manhaja, inda ake kama kusurwar akwati a danne. Wannan yana danne komai daidai wa daida, kai da gindi da kunnuwa, har kaurin layin. Ga ƙwallo yana wucewa. Ga buhu kuwa sai ka sake zana shi, domin abin da ke faruwa shi ne gari yana ƙaura daga wuri zuwa wuri a cikin fata. Ka riƙa zana shi kamar abu biyu: dunƙulen gari a ciki, fata a waje. Garin ne mai nauyi, shi ke jinkirin tashi, shi ke riga kowa sauka. Fatar tana biye da shi, tana tattarewa a inda aka matse, tana santsi a inda aka ja. Layi biyu ko uku na tattarewa sun isa, su fito daga wurin da cikin ya lanƙwashe. Wanda yake aiki a manhajar Blender yana da kayan aikin Maintain Volume da Stretch To, suna yi masa lissafin kaurin, amma ƙaurar garin zuwa gindi sai ya sa hannu da kansa.

Na taɓa yi wa wani mai gidan burodi ɗan talla na daƙiƙa goma sha biyar, buhun fulawa yana tsalle daga amalanke zuwa ƙofar gidan. Na kwana uku a kai, ina ganin na yi abin kirki. Da na kai masa a waya, sai ya kira wani yaronsa mai kwaɓa ƙullu, hannunsa fari fat har gwiwa, ya ce zo ka gani. Yaron ya kalla sau biyu, ya goge hannu a riga, ya ce, "Alhaji, ai wannan buhun an sace rabinsa a hanya." Muka yi dariya, amma da na koma gida na ɗora zanen farko a kan na ƙarshe, gaskiyarsa ce. Buhun ya rame da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na yi ta zana kowane firam ina kallon wanda ya gabace shi kaɗai, kowanne yana raguwa da ɗan abin da ido ba zai kama ba, har suka taru. Tun daga ranar nake ajiye zanen tsayuwa na farko a wani shafi a ƙasa, dishi-dishi, ina auna kowane babban zane da shi. Onion Skin yana nuna maka maƙwabtan firam ne kawai, ba zai gaya maka ka yi nisa da asali ba.

Hanyar kauce wa wannan ita ce ka fara da manyan zane kafin na tsakani. Bakwai ne: tsayuwa a 1, ƙarshen durƙuso a 24, miƙewa a 28, ƙololuwa a 34, taɓa ƙasa a 40, bajewa a 43, zama a 68. Ka jera su a lambobinsu, ka kunna. Zai yi tsalle-tsalle ba santsi, amma in nauyi bai fito a zane bakwai ɗin nan ba, na tsakani ba za su kawo shi ba. Ja su gaba da baya a layin lokaci har sai ka ji shi a jikinka, sannan ka cike. Wani gwajin kuma, ka cika su da baƙi ƙirin. In ba ka iya bambance durƙuso da bajewa daga inuwarsu kaɗai ba, surorin sun yi kama da yawa. Durƙuso na ganganci ne, a tattare yake, kai a sunkuye, ƙarfi a ciki. Bajewa kuwa abu ne da ya faɗa masa, a warwatse take, kai ya tafi wani gefe, kunne ɗaya ya riga ɗaya faɗuwa.

Maganar kunne ɗaya ya riga ɗaya: kada ɓangarorin biyu su zama tagwaye. Ƙafa ɗaya ta riga barin ƙasa da firam guda, ɗaya ta riga sauka. Jikin ya ɗan murɗa, a ga ɗinkin gefe ya karkata. Lanƙwasar bayansa ma ta riƙa juyawa: a durƙuso ya ranƙwafa gaba, a miƙewa ya banƙare baya, a sauka ya sake ranƙwafawa. Wannan juyin lanƙwasa yana ba da ƙarfi fiye da ƙara lotsewa.

Idan tsalle biyu ko uku kake so a jere, bajewar saukar farko ita ce durƙuson tsalle na biyu, amma ka ba shi firam shida zuwa takwas a ƙasa, kuma a cikinsu a ga sauyin nan daga warwatsewa zuwa tattarewa: ya faɗi, ya kama kansa, ya yunƙura. Kada tsallen su riƙa raguwa a tsari kamar na ƙwallo, kowanne rabin na baya. Wannan alamar abu marar rai ce. Mai rai yana iya yin ƙananan biyu sannan babba, ko ya yi babba ya gaji, na ƙarshe ya kasa kai inda ya nufa ya zube jagwab. A nan kuma hali yake fitowa. Buhu mai ɗoki gajeren yunƙuri gare shi, kunnuwa a tsaye. Matsoraci yana durƙusawa, ya fasa, ya sake leƙa ƙasa, ya sake durƙusawa. Duk wannan da firam ɗin da buhun yake a ƙasa ake yin sa, firam goma sha biyun iska suna nan yadda suke.

Saura ƙasar da yake dira a kai. Ja layi ɗaya a shafinsa ka kulle shi. Daga 1 zuwa 28, da kuma daga 40 zuwa ƙarshe, gindin buhun kada ya bar layin, kada ya nutse ƙarƙashinsa, kada ya zame gefe sai dai bajewar da ka yi da gangan. Gindin da ke rawa a kan layi yana kashe nauyi nan take. Inuwa 'yar ƙarama a ƙarƙashinsa, mai ƙanƙancewa in ya tashi, tana taimakawa. Ƙurar fulawa kuma ta fito a 42 ko 43, ba a 40 ba, domin sai an matse buhu iska take fita da gari, ta ɗinkin baki da kusurwoyi. Ita ƙurar a hankali take tashi ta daɗe a iska, kuma jinkirinta kusa da buhun da ya zauna daram yana ƙara nuna nauyinsa. Girgiza hoton gaba ɗaya da fiksil uku ko huɗu na firam biyu ana yi, amma ga buhu ɗaya ni ina ganin ya yi yawa. Waɗannan duka sai a ƙarshe. Ka kashe ƙura da inuwa da sauti ka kalli buhun tsirara tukuna.

In a waya kake gwaji wani lokaci, a FlipaClip misali, ka sa 12 fps, wato firam 12 a daƙiƙa, ka raba duk lambobin nan biyu: zane 6 a iska, 6 a yunƙuri, 2 a turawa. Abin da za ka rasa shi ne zanen kowane firam a wurin turawa da rushewa, saboda haka a 12 ka tabbata zanen taɓa ƙasa a miƙe da zanen bajewa suna maƙwabtaka, ba komai a tsakaninsu. Ka gyara naka da zane bakwai ɗin nan kawai, a baƙi, ka turo in gani kafin ka cike tsakani.